Tsara Lokutan Talla a Intanet: Yadda Za Ka Gane Awannin da Kuɗinka Ke Tafiya a Banza

Tallan da aka kunna a Facebook, Instagram ko Google ba ya rufe shago. Muddin ba ka ba shi umarni ba, awa 24 yake aiki, yana cin kuɗi da ƙarfe uku na dare kamar yadda yake ci da azahar. Tsara lokutan talla shi ne ka faɗa wa manhajar ranakun da awannin da za ta nuna tallanka, da waɗanda za ta yi shiru. Aikin saita shi bai kai minti goma ba. Inda wuyar take shi ne sanin wace awa ce ta mutu da gaske, domin da yawa daga cikin 'yan uwanmu da ke kasuwanci a Legas, Ibadan, Fatakwal da Anacha da hasashe suke yankewa, su rufe awar da ke kawo musu ciniki su bar wadda ke cinye su.

A nan zan bi hanyar da nake bi idan an kawo mini lissafin talla don in duba, da misali ɗaya daga farko har ƙarshe.

Me za a ƙirga?

Abu na farko shi ne mu yarda a kan abin da muke kira sakamako. Manhajar talla tana nuna maka mutum nawa suka ga tallan, nawa suka danna, nawa suka turo saƙo. Duk waɗannan ba kuɗi ba ne. Abin da za a ƙirga shi ne ciniki, wato mutumin da ya biya.

Yawancinmu tallan da muke yi irin wanda ake dannawa ya kai mutum WhatsApp ne. A irin wannan, Facebook ya san an fara hira, amma bai san ko alat ya shigo ba. Saboda haka dole ka riƙe littafi da kanka, ko na takarda ko a waya. Duk wanda ya shigo ta hanyar talla, za ka ga alamar tallan a saman saƙonsa na farko. Ka rubuta abu huɗu: kwanan wata, lokacin da saƙonsa na farko ya shigo, ko ya saya ko bai saya ba, da ribar da ka samu.

Ka lura na ce lokacin saƙon farko, ban ce lokacin biya ba. A nan mutane suka fi yin tuntuɓe. Ma'aikaciya a Ikeja za ta ga shadda da ƙarfe goma na dare bayan ta fito daga cunkoson hanya ta huta, ta tambayi farashi, sannan ta tura kuɗi washegari da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Idan lokacin alat ka rubuta, littafinka zai ce safiya ce ta kawo ciniki, dare bai kawo komai ba, alhali kuɗin tallan dare ne ya kamo ta. Ka rufe dare, cinikin safiyar ma ya tafi.

Masu talla a Google sun ɗan huta a wannan gefen, domin layin `Conversions` yana jingina cinikin ga lokacin da aka danna tallan. Akwai wani layin daban, `Conversions (by conv. time)`, mai jingina shi ga lokacin da aka yi cinikin. Don tsara lokuta, na farkon ake amfani da shi.

Inda za ka ga abin da kowace awa ta ci

A Ads Manager na Meta, wato na Facebook da Instagram, ka zaɓi tsawon kwanakin da kake so, ka danna `Breakdown`, ka nemi `Time of day`. Zai jera maka awa 24 da abin da kowace ta ci. A Google Ads kuwa sai ka danna `Segment`, ka shiga `Time`, ka zaɓi `Hour of day` ko `Day of the week`.

Kafin ka yarda da ko lamba ɗaya, duba agogon da asusunka ke bi. Asusun talla yana bin agogon da aka zaɓa ranar da aka buɗe shi, kuma ba abu ne da ake sauyawa da dannawa ɗaya ba. A Meta, sauya shi na nufin buɗe sabon asusu. Wanda wani ya buɗe masa asusu aka bar shi a kan agogon Los Angeles, to tsakaninsa da Najeriya akwai awa 8 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, awa 9 a sauran watannin. Abin da rahoto ya kira ƙarfe biyu na dare, a Legas ƙarfe goma ne ko sha ɗaya na safe, tsakiyar kasuwa ke nan. Meta tana ba ka zaɓi biyu, agogon asusu ko agogon mai kallo. Idan duk masu sayenka a Najeriya suke, zaɓi na mai kallo ka huta.

Nawa ne ya isa a yanke hukunci?

Mako ɗaya awa 168 ne. Ɗan kasuwar da ke samun ciniki bakwai a mako ta hanyar talla, ko ya tara na wata biyu, 56 ne kawai. Idan ya raba 56 a gidaje 168, yawancin gidajen sifili za su nuna, ba don awannin sun mutu ba, sai don cinikin bai isa ya zagaya ba. Shi ya sa ba na duba awa ɗaya-ɗaya. Ina haɗa su zuwa kashi biyar ko shida na yini, in duba ranakun mako daban.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi. Ka fara fitar da matsakaicin kuɗin tallan da ke kawo maka ciniki ɗaya: duk abin da ka kashe, a raba da yawan ciniki. Sannan a kowane kashi ka tambayi kanka: da wannan kuɗin da ya ci, ciniki nawa ya kamata ya kawo? Idan kashin bai ci ko kuɗin ciniki uku ba, bar shi, bai yi magana ba tukuna. Dalili kuwa lissafi ne: kashin da yake lafiya lau, wanda ya ci kuɗin ciniki uku, zai iya fitowa babu ko ɗaya kusan sau ɗaya cikin ashirin, don tsautsayi kawai. Wanda ya ci kuɗin ciniki ɗaya kacal kuwa, ya fi sau ɗaya cikin uku zai fito fayau.

Tsawon lokacin kuma, mako shida zuwa takwas, cikakku, don kowace rana ta maimaitu daidai kuma ƙarshen wata, lokacin albashi, ya shigo ciki. Ka cire makon Sallah da na Kirsimeti, domin ba sa wakiltar sauran shekara. Kwana biyu ko uku na ƙarshe ma ka ajiye su gefe, akwai waɗanda suka yi tambaya ba su kai ga biya ba tukuna.

Misali: mai shadda a Agege

Bari mu ƙaddara mai sayar da shadda da yadi a Agege. Lambobin na misali ne, amma tsarin lissafin shi ne wanda za ka bi da naka. Yana kashe naira 5,000 kullum, ya yi mako takwas, kwana 56, jimla naira 280,000. Littafinsa ya nuna ciniki 56, ke nan kowane ciniki ya ci naira 5,000 na talla. Ribarsa a kan ciniki ɗaya, kafin a cire kuɗin talla, kusan naira 8,000 ce. Da ya raba yini gida biyar bisa lokacin saƙon farko, ga abin da ya fito:

- 12 na dare zuwa 6 na safe: an kashe 46,000, saƙo 92, ciniki 2
- 6 na safe zuwa 10 na safe: an kashe 49,000, saƙo 49, ciniki 7
- 10 na safe zuwa 4 na yamma: an kashe 70,000, saƙo 80, ciniki 20
- 4 na yamma zuwa 8 na dare: an kashe 52,000, saƙo 52, ciniki 13
- 8 na dare zuwa 12 na dare: an kashe 63,000, saƙo 90, ciniki 14

Idan da allon Facebook kaɗai ya dogara, tsakar dare ce za ta zo ta ɗaya. Saƙo 92 a kan naira 46,000, kowane saƙo naira 500, babu mai araharsa. Kuma ita manhajar, tunda saƙo aka ce ta nemo, inda saƙo ke da araha nan take son zuba kuɗi. Amma da aka kawo littafin ciniki, sai labari ya sha bamban. Kowane ciniki na tsakar dare ya ci naira 23,000, a kan ribar 8,000. An zuba 46,000 an kwashi 16,000. Da kashin yana aiki kamar sauran, ciniki tara ya kamata ya kawo, ya kawo biyu. Irin wannan tazarar, ko sau ɗaya cikin ɗari tsautsayi ba ya kawo ta. Wannan kashin a rufe shi.

Na safe fa? Nan ne ake son haƙuri. Kowane ciniki ya ci naira 7,000, ya fi matsakaici tsada, kuma hannu zai yi ƙaiƙayin rufe shi. To amma duba: kusan goma ake sa rai, an samu bakwai. Kashi mai lafiya kan faɗo haka kusan sau ɗaya cikin huɗu. Ban da haka, 7,000 ba ta kai 8,000 ba, har yanzu akwai ribar naira dubu a kan kowane ciniki. Ma'aunin rufewa shi ne riba, ba wai kashin ya gaza 'yan uwansa ba. A bar shi, a ci gaba da sa masa ido.

Na 8 zuwa 12 na dare kuwa, kowane ciniki naira 4,500. A ce goma daga cikin sha huɗun nan washegari suka biya. Da lokacin alat ya rubuta, da ya ga ciniki huɗu a kan naira 63,000, ya rufe kashin da ke kawo masa rubu'in cinikinsa gaba ɗaya.

Wanda ya zuba littafinsa a Google Sheets ko Excel, idan kwanan wata na layin A, lokacin saƙo na layin B, waɗannan biyun za su fitar masa da rana da awa. A na farko, 1 ita ce Lahadi, 7 Asabar:

```
=WEEKDAY(A2)
=HOUR(B2)
```

Mai saye ne ba ya nan, ko mai shago?

Kafin ka rufe kowane kashi, koma cikin hirarrakin ka karanta. Awa tana iya mutuwa ta hanya biyu, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Idan saƙonnin "nawa?" ne kawai, ka amsa da asuba mutum bai sake waiwayowa ba, to masu hira ne da masu danna waya kafin barci, ba masu saye ba. Amma idan mutum ya faɗi kala, ya faɗi yadi nawa yake so, ya tambayi kuɗin kai kaya Surulere, kai kuma ba ka amsa ba sai bayan awa shida, to awar ba ta mutu ba, kai ne ba ka nan. Ya riga ya saya a wurin wani.

Wannan ya fi fitowa idan aka zo duba ranaku. Ranar Juma'a daga ƙarfe ɗaya zuwa uku, yawancinmu muna masallaci, amma masu sayenmu a kudu ba duka ne Musulmi ba, kuma suna kan waya. Ranar Alhamis da safe kasuwannin Legas kan kasance a rufe har ƙarfe goma saboda tsaftar kasuwa. A yankin kudu maso gabas, zaman gida na ranar Litinin da aka fara a watan Agustan 2021 ya taɓa sauya yadda kasuwanni irin na Anacha da Aba ke tafiya. A duk waɗannan, shago a rufe ba ya nufin waya a kashe. Wanda ke zaune a gida ma ya fi samun lokacin duba kaya. Tambayar ita ce: za ka iya amsa masa, kuma zai iya jiran kayan zuwa gobe? Mai shadda zai iya. Mai tsire ko mai abincin da ake so yanzu-yanzu ba zai iya ba, shi kam lokacin tallansa ya bi lokacin da wuta ke kunne, ya fara kamar awa ɗaya kafin a buɗe, ya tsaya kafin a tashi.

Idan matsalar amsa ce, akwai magani mai arha fiye da rufe talla: a sa yaron shago ya riƙe wayar, ko a saita saƙon da WhatsApp Business ke turawa da kansa idan ba ka nan, mai ɗauke da farashi da lokacin da za ka dawo.

Yadda ake saitawa

A Meta, maɓallin `Boost post` ba zai ba ka wannan damar ba, sai ka shiga Ads Manager. Ƙa'idar da aka saba ita ce sai ka zaɓi `Lifetime budget`, wato kuɗi dunƙule na tsawon kwanaki, maimakon `Daily budget`. Ka sa ranar farawa da ta ƙarewa, ka nemi `Run ads on a schedule`. Wani allo mai gidaje zai fito, ranaku bakwai da awanninsu, sai ka cike waɗanda kake so tallan ya fita. A nan ma ka tabbatar da agogon da ka zaɓa. Tallan da ya riga ya fara tafiya a kan kuɗin kullum ba a juya shi zuwa dunƙule, sai dai ka kwafe shi ka yi sabo.

Sabon kuma zai fara koyo daga farko. Meta tana neman sakamako kusan 50 cikin kwana bakwai kafin tallan ya daidaita, kuma duk babban gyara na iya mayar da shi baya. Don haka kada ka riƙa kunnawa da kashewa da hannu safe da yamma, kada kuma ka matse awannin har su zama uku ko huɗu a yini. Ka yanke abin da ya mutu ƙarara, ka bar sauran a buɗe.

A Google Ads, ka shiga kamfen ɗin ka nemi `Ad schedule`. Ana iya sa har kashi shida a rana ɗaya, kuma kashi ba ya tsallake ƙarfe sha biyun dare. Idan kana so daga 8 na daren Litinin zuwa 1, sai ka yi biyu: ɗaya ya tsaya sha biyu, ɗaya ya tashi a ranar Talata. Google na da wani abin da ya dace da kashi irin na safiyar mai shadda: maimakon rufewa, kana iya rage tayin da kake yi a awannin, har da kashi 90 cikin ɗari, ko ka ƙara har 900. Sai dai idan kamfen ɗin yana kan tsarin da manhajar ke yin tayi da kanta, kamar `Maximize conversions` ko `Target CPA`, ba ta kula wannan ragi ko ƙarin. Rufe awa gaba ɗaya ne kawai take bi.

Rufe awa ba ya rage kuɗi da kansa

Wannan yana ba mutane mamaki. Mai shadda ya rufe tsakar dare, ya bar naira 280,000 a kan mako takwas masu zuwa, to 280,000 ɗin za ta ƙare tas, sai dai a cikin awa 18 maimakon 24. Haka Google ma yake ƙoƙarin kashe kuɗin rana a awannin da suka rage, kuma a rana ɗaya yana iya kaiwa ninki biyu na abin da ka sa, muddin jimlar wata ba ta wuce kuɗin rana sau 30.4 ba.

Saboda haka zaɓi biyu ne a gabansa. Ko ya rage kuɗin zuwa 234,000, ya mayar da 46,000 aljihu, ya rasa ciniki biyu kacal. Ko ya bar ta ta koma awannin da ke aiki. A nan zan ja kunne: a awannin kirki kowane ciniki ya ci kusan naira 4,300, amma kada ya lissafa cewa 46,000 za ta kawo masa ƙarin goma cif. Mutanen da ke kan waya a awannin ba su ƙaru ba, sauran 'yan kasuwa ma a nan suke gasa, don haka ƙarin kuɗi kan sayo ciniki da ɗan tsada. Idan ya samu ƙarin shida ko bakwai, ya ci riba sosai a kan biyun da yake samu a da.

Bayan mako huɗu ka sake lissafi. Lamba biyu za ka duba: jimlar ciniki, da kuɗin da kowane ciniki ya ci. Idan kuɗin ya sauka ciniki bai ragu ba, an dace. Idan ciniki ya ragu a awannin da ba ka taɓa ba, alama ce awar da ka rufe tana share musu hanya, mutane na ganin kaya a lokacin su dawo daga baya. Sai ka buɗe ta.

Jadawali yana tsufa

Awar da ka rufe ta daina ba ka labari. Ba a kashe kuɗi a cikinta, don haka ko ta farfaɗo ba za ka sani ba. Babban misali a wurinmu shi ne azumi. Tsakar daren da mai shadda ya rufe, a watan Ramadan ita ce lokacin da jama'a ke ido biyu bayan tarawihi da wajen sahur, ga kuma neman kayan Sallah. Ramadan kuma yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, ba za a ɗaure shi da wani watan Turawa ba. Mako ɗaya kafin azumi, buɗe duk awannin. Haka mai raguna gab da Babbar Sallah, ko mai kaya a watan Disamba: lissafin watan Yuni ba zai yi musu aiki ba.

Ko babu wani biki, duk bayan wata uku ka buɗe awannin da ka rufe na tsawon mako biyu, ka rubuta a littafi kamar yadda aka saba. Haka kuma duk lokacin da ka sauya kaya, farashi, ko garin da kake nufa da tallan, tsohon jadawali ya tashi aiki, sai an sake tara mako shida.

Wanda kuma cinikinsa ta talla bai kai talatin ba gaba ɗaya, shawarata kada ya taɓa jadawali tukuna, in ba awannin da ya tabbata babu mai amsa waya ba. Ya fara da littafi daga yau: kwanan wata, lokacin saƙon farko, an saya ko ba a saya ba, riba nawa. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.